Yadda Ake Daidaita Murya da Hoto a Bidiyon Bayani: Darasi Daga Bidiyon Ruwan Gishiri da Sukari

Bidiyon bayani na farko da na haɗa da hannuna na ruwan gishiri da sukari ne, wanda ake ba yaro idan gudawa ta kama shi. Na ɗauki hoto mai kyau, murya ta fito tas, na tura wa ƙanwata ta gwada. Da ta tashi haɗawa sai ta ciko cokali da gishiri har ya yi tozo. Na ce mata ai na faɗa a bidiyon rabin cokali ne, kuma shafaffe. Ta ce, "Yaya, lokacin da kake maganar gishiri ni sukari nake gani ana zubawa." Da na koma na duba, gaskiyarta ce. Muryata ta riga hoton da kusan sakan 4. Kunnenta na kan gishiri, idonta na kan sukari, kuma ido ne ya yi rinjaye.

Da wannan bidiyon zan yi misali daga farko har ƙarshe, domin abu ne da kuskure a cikinsa ke da haɗari. Ma'aunin da aka sani na haɗin gida shi ne lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari shafaffu, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gishiri idan ya yi yawa yana cutar da yaro. Saboda haka aikin mai haɗa bidiyon shi ne mai kallo ya tashi da wannan ma'auni daidai a kansa.

Mataki na farko: raba aiki tsakanin ido da kunne tun a takarda

Kafin ka taɓa kyamara, ɗauko takarda ka ja layi a tsakiya daga sama zuwa ƙasa. Hagu ka rubuta abin da za a gani, dama abin da za a ji. Kowane layi ra'ayi guda ne tak. Idan ka cika dama ka bar hagu fayau, shirin rediyo ka rubuta. Idan kuma abin da ke dama maimaicin na hagu ne kawai, muryar ba ta da aikin yi.

Ƙa'idar rabon ita ce kowa a ba shi abin da ya fi iyawa. Hoto ya fi iya nuna siffa, girma, wuri da motsin hannu. Murya ta fi iya faɗin suna, dalili, gargaɗi, da duk abin da kyamara ba ta gani. Ɗauki layin ruwa. Idan murya ta ce "lita ɗaya", mutane da yawa ba su da hoton lita a kansu. Amma kowa a Najeriya ya san ledar fiya wata, kuma wadda aka saba sayarwa rabin lita ce. To sai hoto ya nuna leda biyu ana juyewa a kwano, murya kuma ta ce, "Lita ɗaya ake so, kuma ruwan da kin tabbata mai tsabta ne." Ka lura muryar ba ta ce "ga shi ana zuba ruwa a kwano" ba. Mai kallo yana da ido. Hoton ya ba da girman lita, muryar ta ba da sunan ma'aunin da sharaɗin tsabta, wanda ba a iya gani.

Haka layin gishiri. Hoto: cokali a kusa sosai, an ɗebo, an bi da bayan wuƙa an shafe, sannan an rage rabi. Murya: "Rabin cokali kawai. Idan ya wuce haka yana iya yi wa yaro illa." Kalmar "shafaffe" ma hoton ne ke fassara ta, domin shafaffen wata tozon wata ne.

Akwai bincike a bayan wannan. Richard Mayer, masanin halayyar koyo a Jami'ar California da ke Santa Barbara, ya shafe shekaru yana gwada ɗalibai da gajerun bidiyon zane, irin na yadda famfon ba keke iska ke aiki da yadda walƙiya ke samuwa. Waɗanda suka ji bayani a daidai lokacin da suke ganin motsin sun fi iya amfani da abin da suka koya a kan waɗanda aka ba bayanin daban, hoton daban. Ya kuma gano cewa idan aka zuba jimlolin da murya ke faɗa a kan allo kalma da kalma, alhali ga zane yana motsi, fahimta kan ragu. Dalilin a fili yake: ido guda ne ke karatu, shi ne kuma ke kallon zanen, ba zai yi biyun a lokaci ɗaya ba.

Mataki na biyu: auna bakinka

Kada ka ɗauki lissafin wani na kalmomi nawa ake faɗa a minti. Kunna agogon wayarka, ka karanta ɓangaren dama da ƙarfi, da saurin da za ka yi wa mahaifiyarka bayani, ka rubuta sakan nawa kowane layi ya ci a gefensa. Sannan ka yi aikin da hannunka, ka auna shi ma. A nan za ka ga inda rigimar take. A nawa, jimlar sukari ta ci sakan 5, amma ɗebo cokali shida a shafe kowanne a zuba ya ci fiye da sakan 20.

Idan aiki ya fi magana tsawo, hanya uku gare ka. Ka yi shiru ka bar hoton ya ƙarasa. Ko ka yanke hoton, ka nuna cokali na farko cikakke, sauran kuma ka nuna zubawar kawai. Ko ka ƙara maganar da ke da amfani. Ni na haɗa ta biyu da ta uku: cokali na farko ya tafi a hankali da bayanin shafewa, sauran biyar murya tana ƙirga su, "biyu, uku, huɗu", kowace lamba na faɗowa tare da sukarin. Ƙirga na cikin wurare kaɗan da maimaita abin da ido ke gani ke da amfani, domin mai kallo na ƙirgawa tare da kai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cike gurbin da surutu, irin su "kamar yadda kuke gani 'yan uwa". Shiru ya fi wannan.

Idan kuma magana ce ta fi aiki tsawo, ka fara zargin rubutunka. Yawanci ra'ayi biyu ne ka cusa a layi ɗaya. Raba su, ka nemo wa na biyun hotonsa.

Mataki na uku: wanne za a fara ɗauka?

Idan bidiyon na zane ne ko hotuna da rubutu masu motsi, murya ake fara ɗauka, domin zane kai ke da ikon tsawaita shi ko gajarta shi. Idan na aikin hannu ne kamar namu, ko na nuna yadda ake latsa abu a waya, hoton ake fara ɗauka, sannan a yi murya ana kallonsa, domin aikin yana da tsawonsa na gaskiya.

Ko wanne ka zaɓa, fara da muryar gwaji. Ɗauka ce ta sauri a waya wadda ba za ta fita ba, aikinta kawai ka jera hotuna a kanta ka ga inda ya matse da inda ya yi sako-sako. Sai ka gyara rubutun, sannan ka ɗauki ta gaske. A ta gasken ka riƙa tsayawa kamar sakan ɗaya tsakanin layi da layi. Waɗannan 'yan guraben ne za su ba ka damar yanka muryar gunduwa-gunduwa ka matsar da kowace inda take so. Wanda ya karanta rubutunsa da numfashi ɗaya ba shi da wurin sa almakashi. Kuma ka ɗauka a ɗaki mai labule da katifa, a kashe fanka, janareta ya yi nisa. Wajen hoto kuwa, bar kyamara tana ɗauka sakan biyu kafin aikin da sakan biyu bayansa, za ka buƙace su.

Mataki na huɗu: kalmomin turke

Nan ne zuciyar aikin, nan kuma za ka fi daɗewa. A kowace jimla akwai aƙalla kalma ɗaya da hoton ke ɗaure a jikinta. Ni ina kiranta turke. Koma takardarka ka ja layi a ƙarƙashin turken kowace jimla. A "Ki zuba sukari cokali shida", turke biyu ne, "sukari" da "shida". A "Rabin cokali kawai", turken "rabin" ne.

Shigar da muryar cikin manhajar da kake aiki da ita, CapCut ce ko KineMaster a waya, ko DaVinci Resolve ko Premiere Pro a kwamfuta. Faɗaɗa layin muryar har ka ga tudu da kwarin sautin, kowane tudu gaɓar magana ce. Saurara, ka sa alama a farkon kowace kalmar turke. A Resolve da Premiere maɓallin `M` ne ke ajiye alamar. A waya, idan ba ka sami alama ba, ka tsaga layin muryar a daidai wurin, tsagar ta zama alamarka.

Yanzu sai ka jawo hoto zuwa alama. Amma kada ka ɗora shi daidai a kan kalmar. Sabon hoto yana son ya riga kalmarsa da ɗan ƙiris, domin ido na buƙatar lokaci ya gane abin da aka canza masa kafin kunne ya ba shi suna. Ni nakan ba da tsakanin firem 6 zuwa 10, firem kuwa shi ne hoto guda cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo. A bidiyo mai firem 30 a sakan, wannan kashi ɗaya cikin biyar ne zuwa sulusin sakan. Wato kwanon gishiri ya bayyana, sannan a ji "gishiri". Idan kalmar ta riga hoton, mai kallo zai nemi gishiri a cikin hoton da ke gabansa, ya laƙaba sunan ga abin da ba shi ba. Abin da ya sami ƙanwata ke nan. Idan kuma hoton ya riga da yawa, sakan biyu ko uku, zai bar sauraronka ya shiga tambayar kansa mene ne wannan.

Alamomin nuni kuwa, kibiya ko da'ira ko lamba, su a kan kalmar suke sauka cif. Kuma a nan tsarin Hausa yana da nasa hukuncin. Mu lamba a bayan suna take zuwa: "cokali shida", "leda biyu", "awa ashirin da huɗu". To hoton cokali ya zo tare da "cokali", lambar 6 kuma ta jira har baki ya kai "shida". Wanda ya ɗauko bidiyon da aka tsara da wani harshe ya ɗora masa muryar Hausa zai tarar lambar tana fitowa tun bai ambaci abin da ake ƙirgawa ba, sai ya matsar da ita. "Rabin cokali" kuwa akasin haka ne, ma'aunin ne a gaba, don haka alamar rabi da wuri take fitowa.

Ka kula da kalmomin nuni: "nan", "wannan", "ga shi", "kamar haka". Kowace ɗaya alkawari ce ka yi wa ido cewa akwai abu guda da zai kalla. Idan ka ce "zuwa nan" alhali a allon akwai kwano da cokali da leda da hannu, ba ka nuna komai ba. Ko dai kyamara ta matsa kusa har abu ɗaya ya rage, ko yatsa ya taɓa wurin, ko ka cire kalmar.

Wuri mafi haɗari shi ne nuna kuskure. Na so in nuna cokali mai tozo don a guje shi. A gwajin farko hoton tozon ya fito, sai bayan sakan biyu murya ta ce "kada ki yi haka". A cikin sakan biyun nan mai kallo ya riga ya ɗauka koyarwa ce. A nan kaɗai nake juya ƙa'idar: murya ce ke riga hoto. A fara jin "kada", sannan tozon ya bayyana, da jan kuros a kansa tun firem na farko, kuma ya gajarta. Daga nan a koma kan daidai, a daɗe a kai, domin hoton da ya fi zama a allo shi ke zama a kai. Sa'ar da muka yi, "kada" a farkon jimla take.

Mataki na biyar: ɗinke gaɓoɓi da ba da numfashi

Idan kowace jimla ta fara daidai inda hoto ya canza, bidiyon zai riƙa tafiya kamar mota a hanya mai gargada. Maganinsa shi ne a bar ɗaya ya ɗan shiga gonar ɗaya a wurin da babu turke. Misali, hannu na ci gaba da juya ruwan, murya ta fara, "Da zarar ya narke...", sannan hoto ya koma kan kofi. Masu editin suna kiran wannan `J-cut`, idan sauti ya riga hotonsa, da `L-cut`, idan sauti ya ci gaba bayan hoto ya wuce. Kalmomin haɗi irin su "bayan haka", "da zarar", "to yanzu" su ne suka dace su hau kan tsohon hoto. Turke kam ya jira nasa.

Bayan kowane ma'auni, yi shiru na sakan ɗaya zuwa biyu hoton yana tsaye. Masu farawa suna tsoron shiru, suna ganin za a wuce bidiyonsu. Amma wadda ke son ta riƙe "rabin cokali" tana buƙatar wannan sararin ta maimaita a ranta. Kiɗa idan ka sa, ka sauke shi ƙasa sosai, kuma ka guji mai waƙa, domin kalmomin waƙar za su yi kokawa da naka.

Rubutu a kan allo

Rubutu kaɗan: lamba da suna. "Sukari: 6", "Gishiri: ½". A ƙarshe allo guda mai ɗauke da ma'aunai ukun, ya tsaya har ka iya karanta shi sau biyu da ƙarfi ba gaggawa. Mutane sukan ɗauki hoton wannan allon su ajiye, don haka ya zama cikakke da kansa. Murya a lokacin ba karanta shi za ta yi ba. Ta faɗi abin da ya rage: a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, a zubar da abin da ya kwana ya kai awa 24 a haɗa sabo, idan an sami haɗaɗɗen ƙunshin gishiri da sukari na kemis, wato ORS, ya fi, kuma idan yaro ya kasa sha ko an ga jini a bayan gidansa a tafi asibiti.

Za ka ce to masu kallo ba sauti fa, a cikin mota ko a wurin aiki, da kuma kurame? Haƙƙinsu ne a sa musu rubutun magana. Abin da za ka yi shi ne ka ajiye shi a ƙasa, layi ɗaya ko biyu, kada ya rufe hannu ko cokali, kuma idan yana nan ka rage sauran rubuce-rubucen. Duba cewa salon harafin da ka zaɓa yana da ɓ, ɗ da ƙ, domin wasu sukan mayar da su akwati. Harafin kuma ya yi kauri, saboda WhatsApp na matse bidiyo, siririn rubutu ya dushe.

Idan komai ya zauna amma ya goce

Akwai gocewar da ba laifin kunnenka ba ne. Idan farkon bidiyon daidai yake amma can gaba murya na ƙara nisa da hoto, yawanci wayar ce ta ɗauka da firem marasa tsayayyen adadi, wani sakan ya fi wani. Sai ka mayar da adadin firem ɗin tsayayye kafin ka fara aiki. A manhajar HandBrake ta kwamfuta ka zaɓi `Constant Framerate`, ko ka yi da wannan umarni na manhajar ffmpeg:

```
ffmpeg -i shiga.mp4 -vf fps=30 -ar 48000 fita.mp4
```

Idan kuwa tazarar iri ɗaya ce daga farko har ƙarshe, duba kunnenka: abin sauraro na Bluetooth yana jinkirta sauti da wani yanki na sakan, kuma tazarar da muke aunawa ba ta wuce haka ba. Wanda ya daidaita da shi zai sa duk hotunansa su makara bai sani ba. Yi aikin da abin sauraro mai igiya, ko da lasifikar na'urar.

Gwaji uku kafin ka saki

Na farko, kashe sauti ka kalla. A kowane hoto ka tambayi kanka, da ban san maganar ba, ina idona zai sauka? Idan ba kan abin da kake nufi ba ne, gyara hoton. Ya kamata jerin matakan da ma'aunai su fito ko ba murya.

Na biyu, kifa wayar ka saurara. Duk inda ka ji kana siffanta abin da ido zai gani da kansa, goge. Duk inda ka ji jimla biyu sun wuce ba tare da dalili ko gargaɗi ko suna ba, tambayi abin da suke yi a wurin.

Na uku shi ne wanda ya fi tona asiri. Nemi wanda bai taɓa ganin rubutun ba, ka ajiye masa kayan a gabansa, ruwa da sukari da gishiri da cokali, ka ba shi bidiyon a ƙaramar waya, ka koma gefe ka kame bakinka. Kada ka tambaye shi ko ya gane, kunya za ta sa ya ce eh. Hannunsa za ka kalla. Rubuta sakan ɗin da ya tsayar da bidiyon, da inda ya koma baya, da inda hannunsa ya yi abin da ba ka faɗa ba. Kowane ɗaya ka koma wurin a manhaja ka duba turken: ko hoton ya makara, ko abu biyu ne a allo, ko ba ka bar shiru ba.

Da na gyara nawa, na matsar da kwanon gishiri ya riga kalmarsa da firem 8, na sa "kada" gaban tozo, na ƙara shiru bayan "rabin cokali", sai na ba wata maƙwabciyarmu da ba ta ga na farkon ba. Ta shafe cokalin da bayan wuƙa, ta rage rabi. Amma ta tsayar da bidiyon a wurin ruwa, ta tambaya ko leda biyun duka za ta juye, domin na yanke hoton tun ta biyun ba ta ƙare ba. Na koma na tsawaita wannan ɗaukar da sakan biyu, har aka ga ledar ta zama fanko.